Wayar da ke sandarewa kullum bayan la'asar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta gajeren labari kan wata 'yar kasuwa da wayarta ke daskarewa kullum da yamma, sai a ƙarshe ta gano ɓoyayyen sanadi. Ba na so in rubuta abin da masu sani za su ce ba haka yake ba. Kai da kake gyaran waya, wane sanadi ne zai yiwu da gaske, kuma ta yaya ita da kanta za ta gano shi?

Wa'alaikumus salam, Malama. Ki sa sanadin ya zama kan caja. Kan caja mara inganci da ke maƙale a soket a ƙarƙashin teburinta, bayan buhuna, inda idonta ba ya kaiwa. Akwai wasu dalilan da ke sa waya ta lalace da yamma, zan taɓo su a gaba, amma wannan ne ya fi dacewa da labari, domin yana faruwa sosai, yana ruɗar har masu gyara, kuma mace mai lura za ta iya kama shi da hannunta ba tare da an buɗe wayar ba.

Abin da za ki riƙe tun farko shi ne, yamma da kanta ba ta ɓata waya. Idan matsala tana zuwa a lokaci ɗaya kullum, to akwai wani abu da ake yi wa wayar a wannan lokacin wanda ba a yi mata da safe. Tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kawo min irin wannan ƙara ke nan: me kike yi da wayar daidai lokacin da take tsayawa, kuma a ina take ajiye? Kusan kullum amsar farko ita ce “ba komai”. Sai an ja magana an ja, sannan a ji cewa ai lokacin ne ake jona ta a caji.

Ga yadda abin yake a ciki. Gilashin wayar zamani ba danna shi ake yi ba, taɓa shi ake yi. A ƙarƙashinsa akwai layuka sirara na wani abu mai ɗaukar lantarki wanda ido ba ya gani, an jera su tsaye da kwance kamar raga. Akwai ƙaramin guntu a cikin wayar da ba shi da aiki sai tura ɗan lantarki cikin layukan nan yana aunawa, sau 60 zuwa 120 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, saboda haka idan yatsa ya sauka a gilashi sai ya janye wani ɗan abu kaɗan daga wurin da ya sauka, guntun ya ga awo ya canza a nan, ya gaya wa wayar cewa an taɓa wuri kaza. Canjin da yake nema ƙarami ne ƙwarai da gaske. Shi ya sa abu kaɗan ke iya ruɗa shi.

Shi kuma kan caja, aikinsa ya karɓi wutar soket, wadda a Najeriya da Nijar ta kai wajen bolt 230, ya mayar da ita bolt 5 da waya za ta iya sha. Yana yin haka ne ta hanyar datsa wutar yana kunnawa yana kashewa da sauri, sau dubu 50 ko fiye a daƙiƙa. Wannan datsawar tana haifar da hayaniyar lantarki. Kamfanin da ya san abin da yake yi yana sa matatai da kariya a cikin kan don hayaniyar ta mutu a can. Mai yin na jabu yana cire waɗannan kayan don ya rage kuɗi, sai hayaniyar ta bi igiya ta shiga jikin wayar gaba ɗaya. Mai wayar kuwa tana tsaye a ƙasa, jikinta bai bi wannan rawar ba. Da zarar ta ɗora yatsa, bambancin da ke tsakanin jikinta da jikin wayar sai ya shiga awon, kuma saurin hayaniyar yana kusa da saurin kaɗawar ɗan lantarkin da guntun yake turawa cikin layukan, ba ya iya rarrabe su. Kamar ki yi ƙoƙarin jin raɗa a gefen injin markaɗe ne. Wani guntun sai ya ƙi karɓar taɓawar kwata-kwata, wani kuma ya riƙa ganin yatsu a inda babu su, wayar ta riƙa danna kanta.

Kin ga ke nan a gaskiya wayar Hajiyarki ba daskarewa take yi ba. Ƙwaƙwalwarta tana aiki lafiya ƙalau, yatsa ne ba ta ji. Wannan shi ne ginshiƙin labarin, kuma daga nan ne alamominki za su fito. Agogon da ke saman sikirin yana tafiya. Kira yana shigowa, wayar tana ƙara, sunan mai kira ya fito ɓaro-ɓaro, amma Hajiya ta ja koren alamar nan ta ja, ta ƙi jawuwa har kiran ya katse. Idan ta danna maɓallin ƙara murya na gefe, sandar murya tana fitowa tana hawa, domin wannan maɓallin na dannawa ne, bai bi ta gilashi ba. Saƙon banki yana faɗowa daga sama, ta ga farkonsa, ta kasa buɗe shi. Wayar da ta daskare da gaske ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan: agogo yana tsayawa cak, maɓallan gefe ba sa amsawa, sai an danne na kunnawa na wajen daƙiƙa 10 kafin ta mutu ta tashi. Ki watsa alamomin nan tun shafin farko, ki bar Hajiya ta gan su ba ta ɗauke su komai ba. Mai karatu mai lura zai ji daɗi idan ya waiwaya ya ga ashe an nuna masa.

Yanzu mu gina ranarta. Ki ajiye ta a kasuwa irin ta Sabon Gari a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, inda ake samun mata masu rumfa da tebur. Ni da zan zaɓa, kayan ƙamshi da na yaji zan ba ta: kanumfari, citta, masoro, kimba, da ƙaramin sikeli mai batir a gefen teburi, domin sikelin zai yi mana amfani. Ta fito daga gida da safe da waya cike da caji, ta yi cajin da kan cajarta na gida, na ainihi wanda ya zo da wayar. Wayar ta shekara biyu ko uku a hannunta, batirin ya rage ƙarfi. Data a kunne take wuni guda, hasken sikirin a ƙure saboda rana, ga saƙonnin murya na kwastomomi a WhatsApp, ga hotunan kaya da take turawa. Kafin la'asar caji ya sauko wajen kashi 20 cikin ɗari. Daidai lokacin ne kuma cikin rumfuna ke fara duhu, maƙwabcinta mai shago ya tayar da ƙaramin janaretonsa, wanda ya ja wa mutum huɗu ko biyar waya daga gare shi suna biyan kuɗin mai. Hajiya ta idar da salla, ta miƙa hannu ta ɗauko bakin igiyar da ke leƙowa ta gefen teburi, ta jona.

Ki lura da igiyar nan, ita ce ke rufe asirin. Igiyarta ce ta asali, ta ɗaura mata jan zare don kada a musanya mata. Duk lokacin da aka tambaye ta ko cajarta mai kyau ce, za ta ɗaga igiyar ta nuna zaren ta ce tata ce tun daga kwali, kuma gaskiya take faɗa iyakar saninta. Kan kuwa yana can ƙasa, ta jona shi watanni da suka wuce ba ta ƙara leƙawa ba. Kai na biyu ne mai kyau da ta saya musamman don kasuwa. Wata rana yaron wani shago ya zo aro tana wurin salla, yarinyar da ke taya ta tsaron kaya ta ba shi, ya dawo da wani fari mai kama da shi, ko da gangan ko da kuskure, wannan ke za ki yanke. Tun daga ranar matsala ta fara, amma babu wanda ya haɗa abubuwan biyu, domin Hajiya ba ta ma san an yi aron ba.

Akwai ƙaramin abu da zai ƙara wa wurin gaskiya. Igiyar gajeruwa ce, ba ta kai hannu, don haka wayar a kwance take kan teburi, Hajiya tana tsikarinta da yatsa ɗaya, ɗaya hannun yana ƙulla leda. Sau da yawa matsalar ta fi tsanani a haka. Idan mutum ya rungumi wayar a tafin hannunsa, jikinsa da jikin wayar suna ɗan haɗuwa, bambancin ya ragu, sai ta ɗan amsa. Saboda haka wani lokaci yarinyar za ta sunkuya ta ɗauki wayar ta ce “Hajiya ai ga shi tana yi”, ta ajiye, Hajiya ta taɓa, ta ƙi. Irin wannan ne ke sa mutane su fara tunanin sammu ko baki, kuma ban ga laifin ki bar wata maƙwabciya ta faɗi haka ba, domin ana faɗa.

Za ki ce, to me ya hana ta gane tun ranar farko cewa idan ta cire caji wayar tana dawowa? Saboda ba cirewa kaɗai take yi ba. Ranta ya ɓaci, sai ta fizge igiyar, ta danne maɓallin kunnawa, wayar ta mutu ta tashi, ta yi aiki sumul. Abu biyu ta yi a lokaci ɗaya, sai ta ba kashewa da kunnawa lada, domin shi kowa ya sani a matsayin magani. Ga kuma wani abu: a wasu wayoyin, guntun taɓawa ba ya dawowa daidai nan take bayan an cire caji, sai sikirin ya mutu an sake kunna shi ya sabunta awonsa. Idan ta taɓa cirewa ta gwada cikin gaggawa ta ga bai yi ba, ta riga ta wanke cajar a zuciyarta.

Abin da zai sa matsalar ta yi nauyi shi ne lokacinta. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, ciniki da transifa ya zauna a kasuwanninmu har wurin masu ƙananan kaya. Bayan la'asar kuwa shi ne lokacin cika, ma'aikata sun taso, kowa yana sauri kafin magariba. Kwastoma ya nuna mata wayarsa ya ce ya tura, ita kuma ba ta iya buɗe tata ta tabbatar. Ko ta riƙe shi ya ji an zarge shi, ko ta sake shi ta kwana da fargabar rasit na bogi. Idan kina son wuri mai zafi, ki yi amfani da danna-kai, wato yadda wayar ke danna kanta: tana rubuta 5,000 za ta tura wa mai kawo mata citta, wayar ta ƙara sifiri da kanta, ta gani kafin ta sa lambar sirri, hannunta ya ɗauki rawa. Wannan yana iya faruwa. Amma kada ki rubuta cewa wayar ta tura kuɗin da kanta har ƙarshe, domin danna-kai ba ya rubuta lambar sirri daidai, mai sani zai ajiye littafin a nan.

Sai hanyoyin ɓata, waɗanda labari irin wannan ba ya yi sai da su. Na farko da zai zo mata shi ne sabis. Da yamma mutane sun yi yawa a kan layi, manhajar banki tana juyawa tana juyawa, kuma wannan gaskiya ne. Bambancin shi ne idan sabis ne, za ta iya komawa baya ta buɗe hotuna ko kalkuleta su yi aiki. Na biyu ruwan alwala. Jiƙaƙƙen yatsa yana ruɗa gilashi, kuma lokacin ya dace da bayan salla, don haka za ta kwana biyu tana goge hannu da mayafi, abin bai sauya ba. Na uku ɗanta. Yana ɗaukar wayar da dare yana wasa, ya cika ta da manhajoji, sai a ɗora masa laifi a hana shi taɓawa. A nan zuciyar labarin take a ganina, yaro yana rantsuwa ba shi ba ne, babu mai saurarensa.

Na huɗu mu ne, masu gyara, kuma ina so ki rubuta wannan wurin da adalci. Za ta kai wayar da safe kafin ta buɗe rumfa, a ce a Fam Santa idan a Kano ne. Mai gyara ya kunna, ya zagaya, komai lafiya. Ya jona a cajarsa mai kyau, lafiya. Ko da ta kawo nata kan ya auna da mita, bolt 5 zai gani ko kusa da haka, domin mitar hannu ba ta nuna irin wannan hayaniyar. Mai gaskiya zai ce bai ga komai ba, ta dawo da ita lokacin da take yi. Mai gaggawa zai ce a yi mata filashin ko a canza sikirin. Filashin yana share komai, kuma ga 'yar kasuwa wannan asara ce ta gaske: saƙonnin murya inda aka yi alƙawarin biyan bashi, hotunan rasit, lambobin da ba a ajiye a imel ba. Abin yana ci min rai duk lokacin da aka kawo min wayar da aka share ba tare da an tambayi mai ita ko ta ajiye kayanta ba. Canza sikirin kuma kan ƙara ɓata lamarin, domin sikirin na canji mai araha ya fi na ainihi saurin ruɗewa da hayaniyar caja. Idan kika sa ta biya kuɗin sikirin sannan da yamma abin ya dawo fiye da da, kin rubuta abin da ke faruwa.

Ga yadda za ta gano. Wata yamma man janareto ya ƙare, ko ya ƙi tashi, maƙwabcin yana can yana jan igiya yana zufa. Hajiya ta riga ta jona wayarta kamar kullum, ba ta kula ba. Kwastoma ta zo, ta ce ta tura, Hajiya ta taɓa wayar da shirin faɗa, sai ta buɗe nan take. Ta duba alat, ta amsa saƙo biyu, har ta ɗaga kira. Tana cikin mamaki janareto ya kama, ƙwan rumfa ya kawo, ƴar alamar walƙiya ta fito a kan hoton batir, wayar ta yi ƙara alamar caji ya shiga, kuma a ƙarƙashin yatsanta ta daina ji. Wannan ne karo na farko da abu ɗaya tak ya canza a gabanta. Ba ta kashe wayar ba. Ta zare igiyar, ta danna maɓalli sikirin ya mutu, ta sake dannawa, ta taɓa, ta yi. Ta mayar da igiyar, ta ƙi. Ta sake zarewa, ta yi.

Kada ki tsaya a nan, domin za ta fara da zargin janareto, kuma rabin gaskiya ne. Ƙananan janaretoci wutarsu tana hawa tana sauka, ba a kuma haɗa su da ƙasa, sai kan caja mai rauni ya ƙara rikicewa a kansu. Tana shirin zuwa ta yi wa maƙwabcin magana sai ta hango mai atamfa ta gefenta, wadda ke shan wuta daga layi ɗaya, wayarta a jone tana ta latsawa hankali kwance. Wuta ɗaya, waya ɗaya tana yi ɗaya ba ta yi. Mace da ta shekara tana awo ta san yadda ake kama ma'aunin da ke cuta, ana canza abu ɗaya ne a bar sauran. Ta ɗauki wayarta ta jona a cajar mai atamfa, ta yi. Ta ari kan mai atamfa ta sa masa igiyarta mai jan zare, ta yi, ke nan igiya ta fita. Saura abu ɗaya. Ta ja buhun citta gefe, ta durƙusa, ta haska ƙarƙashin teburi.

Ki nuna mana kan nan kusa-kusa. Ya yi zafi har ba ya riƙuwa da daɗi. Idan ta kai shi kunne kafin ta zare, yana wani siririn kuka kamar na sauro. Farinsa ya fara komawa rawaya a gefen ƙafafun. Rubutun jikinsa ya dushe, harufa sun karkace, wani wurin an rubuta sunan kamfani da kuskuren harafi ɗaya. Tsagin da ya haɗa ɓangarorinsa biyu bai zauna daidai ba. Ta ɗora shi a sikelin kanumfari, ta ɗora na mai atamfa, ta ga nata ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin kayan da aka cire daga cikinsa suna da nauyi. Awon nauyi alama ce kawai, akwai masu jabun da ke manna guntun ƙarfe a ciki don su ɓoye wannan, amma a labari ya isa, tunda gwajin musanyar ya riga ya yanke hukunci. Daga nan sai ta juya ta kalli yarinyar, yarinyar ta tuna da ranar aro.

Idan kina son mai gyara ya tabbatar mata daga baya, akwai hanyar da muke bi a wayoyin Android wadda ke nuna abin a fili. A shiga Settings, a je About phone, a danna Build number sau 7 har Developer options ya buɗe, a shiga can a kunna Pointer location. Daga nan duk inda yatsa ya bi, wayar tana zana layi a sikirin. Ba caji, ki ja yatsa daga sama zuwa ƙasa, layi ɗaya miƙaƙƙe zai fito. A jona mugun kai a sake ja, sai layin ya riƙa karyewa, yana tsalle gefe, ɗigo-ɗigo suna fitowa a wuraren da ba a taɓa ba. Duk wanda na nuna wa wannan ba ya ƙara musu. Akwai kuma gwajin fawabank: idan aka jona wayar a fawabank wanda shi kansa ba ya jone da soket, matsalar tana ɓacewa, domin babu alaƙa da wutar gida.

Sauran dalilan da na ce zan taɓo, ga abin da ya sa ban ba ki su ba. Batirin da ya tsufa yana sa waya ta yi nauyi ko ta mutu farat ɗaya idan caji ya yi ƙasa, kuma hakan da yamma yake zuwa, amma gano shi yana hannun mai gyara, Hajiya ba ta da rawar takawa. Zafi yana sa waya ta rage gudu da kanta don ta kare batiri, wanda ba ya son a yi masa caji sama da digiri 45, sai dai zafin rumfar kwano ya fi tsanani tsakanin azahar da la'asar, ba a gab da magariba ba, kuma wayar tana nauyi ne, ba ta daina jin yatsa. Cikar ma'ajiya da hotuna da bidiyon guruf-guruf tana sa nauyi safe da yamma, ba ta zaɓar lokaci. Za ki iya barin ɗaya daga cikinsu ya zama zato na wani a labarin, amma kada ki haɗa sanadi biyu a ƙarshe, zai raunana ganowar.

Iyakar wannan sanadin ita ce: dole wayar ta kasance a jone kuma wuta tana shiga duk lokacin da abin ya faru. Idan kika rubuta wuri ɗaya da ta sandare a cikin adaidaita sahu a hanyar gida, kin rushe ginin. Ki bi rubutunki ki duba kowace yamma, ki tabbatar igiyar tana jiki ko da ba ki ja hankalin mai karatu kanta ba. Ranar Juma'a da ta tashi da wuri, ko ranar da ta je biki ba ta fito kasuwa ba, wayar ta wuni lafiya, kuma wannan ma alama ce da za ki iya ajiyewa a tsakiya.

Game da abin da za ta yi da kan bayan ta gano, ina roƙonki kada ki sa ta ba yarinyar ko ta kai wa ɗanta gida. Kan da aka rage wa matatai yawanci an rage masa har da tazarar da ke raba wutar soket da ɓangaren waya. Wani lokaci akan ji ɗan tsikari a gefen wayar ko a kunne idan ana kira tana caji, kuma ranar da tazarar ta karye, wutar soket ce za ta biyo igiya zuwa hannun mai riƙe da ita, ga mutum a tsaye kan siminti da danshin alwala. Ki sa ta fasa shi ko ta lanƙwasa ƙafafunsa kafin ta jefar, don kada wani ya tsinta ya jona. Sabon da za ta saya, ta je da wayar shagon, a jona a gabanta, ta buɗe wurin rubuta saƙo ta rubuta layi biyu wayar tana kwance a kan teburin shagon, kafin ta biya kuɗi.